Huɗuba Kan Rashin Lafiya Ba Tare Da Tuhumar Majinyaci Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni na'ibin liman ne, ban daɗe da fara hawa mumbari ba. Kwanaki na yi huɗuba kan rashin lafiya, na kafa ta a kan ayar da ke cewa duk musibar da ta same ku, to saboda abin da hannuwanku suka aikata ne. Na ƙara da cewa mai yaƙini idan ya roƙi waraka zai samu. Bayan sallah wani dattijo, wanda 'yarsa ke fama da sikila tun haihuwa, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, laifina ne ko nata?" Na rasa ta cewa. Ayar gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka ɓoye ayar, amma ka karanta ta har ƙarshe, kuma ka san inda iyakarta take. Aya ta 30 ce a Suratu Shura, kuma ba a "hannuwanku" ta tsaya ba, ta rufe da cewa Allah yana yafe da yawa. Da yawa daga cikinmu a nan muke yanke ta, domin rabin farko ya fi girgiza masallaci.

Malaman tafsiri ba su ɗauki ayar a matsayin ma'aunin da za a ɗora wa kowane mai ciwo ba. Baidawi ya faɗa ƙarara cewa ta keɓanci masu laifi ne, abin da ke samun wasunsu kuwa yana da wasu sabubba, daga ciki har da ba su damar samun babban lada ta hanyar haƙuri. Dole ma a fahimce ta haka, domin jarirai na ciwo alhali ba a fara rubuta musu komai ba, annabawa ma na ciwo. Abin da ayar ke ba ka shi ne hukunci na gaba ɗaya: zunubi yana daga cikin sabubban musiba. Abin da ba ta ba ka ba shi ne ka dubi wane ka ce nasa ciwon ta wannan ƙofar ya shigo. Wannan gaibu ne, kuma ni da kai ba a yi mana wahayi.

Za ka ce ai ba ka ambaci sunan kowa ba. Haka ne. Sai dai shi mai sauraro ba a dunƙule yake jin huɗuba ba. Lafiyayye yana jin "musiba" ya tuna wata asara ta bara, ya yi istigfari, ya tashi. Wanda ya kwana a asibiti yana riƙe da yarinya tana kukan ciwon ƙashi, shi kalmar suna gare ta da fuska. Kai ka yi maganar kowa, shi ya ji hukunci a kan gidansa. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai, kafin ku hau mumbari ku zaɓi mutum guda mai jinya da kuka sani, ku zaunar da shi a zuci a sahun farko, ku karanta masa rubutun jimla bayan jimla. Duk jimlar da ba za ka iya faɗa kana kallon idonsa ba, ko dai kuskure ce, ko kuma akwai wata jimla da ya kamata ta gabace ta.

Maganarka ta biyu ta fi damuna, wato cewa mai yaƙini zai samu waraka. Juya ta ka gani: wanda bai warke ba, ba shi da yaƙini ke nan. Majinyaci yakan yi wannan lissafin kafin ka kai ƙarshen numfashi. Kuma nassi bai tafi a kan haka ba. Ɗauki hadisin da Bukhari da Muslim suka kawo daga Aɗa'u ɗan Abi Rabah. Ibnu Abbas ya ce masa, in nuna maka mace 'yar Aljanna? Sai ya nuna masa wata mata mai farfaɗiya. Ta taɓa zuwa wurin Manzon Allah (SAW) ta ce tana faɗuwa, jikinta yana buɗewa, ya yi mata addu'a. Ya ba ta zaɓi: in ta so ta yi haƙuri ta samu Aljanna, in ta so ya roƙa mata lafiya. Ta zaɓi haƙuri, ta nemi dai ya roƙa kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya kuwa roƙa. Ka lura da abin da bai faɗa ba. Bai tambaye ta wane zunubi ta yi ba, bai ce ta je ta gyara imaninta ba. Ta ci gaba da faɗuwa, kuma tana cikin wannan halin sahabi ke nuna ta da albishir na Aljanna. Ka lura kuma roƙon lafiya yana cikin zaɓin da aka ba ta, don haka kada ka mayar da labarin hujjar hana mutane neman magani.

Shi kansa Manzon Allah (SAW), Ibnu Mas'ud ya shiga wurinsa ya same shi cikin zazzaɓi mai tsanani, sai Manzon Allah ya ce masa zazzaɓina kamar na mutum biyu ne a cikinku. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya tambaye shi su wa suka fi shan jarrabawa, ya ce annabawa, sannan waɗanda ke biye da su a nagarta. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ta tafi da Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. In da ciwo awon imani ne, da awon ya nuna akasin abin da huɗubarka ta nuna. Amma a kula, nan ma akwai rami. Kada ka tsallaka ɗaya ɓangaren ka ce duk mai ciwo waliyyi ne. Wannan ma kutse ne cikin gaibu, kuma yana ɗora wa majinyaci wani nauyin: sai ya ji ba shi da ikon yin nishi.

Maganar nishi ta kawo mu ga haƙuri, inda mu masu wa'azi muka fi yin ɓarna ba da niyya ba. Mukan siffanta mai haƙuri kamar dutse, ba kuka, ba cewa wayyo. Sai wanda ya yi kuka jiya da dare ya fita masallaci yana ganin ya faɗi jarrabawa. Alhali Annabi Ayyuba, wanda Allah ya ce ya same shi mai haƙuri, shi ne ya ce cuta ta shafe ni, a aya ta 83 cikin Suratul Anbiya. Annabi Yaƙubu idanunsa sun yi fari don baƙin ciki. Nana A'isha ta ce wayyo kaina, Manzon Allah (SAW) ya amsa da cewa a'a, ni ne dai wayyo kaina. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. Faɗin inda ke ciwo, da zubar hawaye, da gajiya, ba sa cikinsa. Ka furta wannan a fili a huɗubar, kada ka bar wa mutane su gano da kansu.

Yanzu bari mu sake ɗinka huɗubar taka. Da ni ne, ba zan buɗe da ayar Shura ba. Zan fara da Ibnu Mas'ud yana taɓa jikin Manzon Allah (SAW) da zafin zazzaɓi, domin tun a mintunan farko mai jinya ya san yana cikin ayarin mutanen kirki. Daga nan in kawo hadisin da ke cewa babu gajiya ko ciwo ko damuwa ko baƙin ciki da zai sami Musulmi, har ƙayar da ta soke shi, face Allah ya kankare masa kurakurai da ita. A nan sai ka kiyaye harshenka, domin tsakanin "ciwo yana kankare zunubi" da "zunubi ne ya jawo ciwon" akwai tazara mai yawa, kuma a baki suna saurin cakuɗewa. Na farko albishir ne da ya shafi kowa, tunda babu wanda ba shi da abin kankarewa. Na biyu tuhuma ce.

Sai a mataki na uku ayar Shura ta shigo, a cike, kuma da lamirin "mu". Maimakon "ku binciki kanku, me kuka yi Allah ya jarrabe ku", ka ce wani abu kamar haka: "Wannan aya madubi ce da kowannenmu zai duba kansa, mai lafiya kafin marar lafiya. Ba a ba mu ita don mu haska fuskar maƙwabci ba. Wani yana ciwo don a ɗaukaka darajarsa, wani don a wanke shi, wani kuma lafiyarsa ce jarrabawarsa, kuma babu wanda ya san rabon wani." Jimla uku ne, ba za su ci maka minti guda ba, amma kada ka bar su sai ƙarshe, lokacin da mai rauni ya riga ya daina sauraro.

Ragowar lokacin ka juya kan masu lafiya, don su ne mafi yawa a gabanka kuma su ke da aiki a wuyansu: gaida marar lafiya, taƙaita zama, da kame baki daga "ka dai yawaita istigfari" ko "wane ma da ya dage da addu'a ya warke". Ka kuma ba majinyaci abin da zai riƙe. Imrana ɗan Husaini yana fama da basir aka ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hadisin Abu Musa kuma ya ce bawa idan ya yi ciwo ko tafiya, ana rubuta masa irin abin da yake aikatawa yana lafiya a gida. Mutumin da ciwo ya raba da jam'i ko azumi sau da yawa yana zargin kansa tun kafin kowa ya zarge shi, kuma waɗannan biyun ne maganinsa.

Alamar da za ka gane ka yi daidai ba yawan kabbara ba ce. Ka duba su wa ke tsayawa bayan sallah. In masu jinya suna zuwa su gaya maka halin da suke ciki, ƙofar a buɗe take. In sun fara sulalewa da zarar an sallame, akwai abin dubawa.

Shi kuma dattijon, kada ka jira wata Juma'ar. Ka je ka same shi, ka ce kalamanka ne suka gaza, ka amsa tambayarsa kai tsaye: ba hukunci ba ne a kansa, ba kuma a kanta ba. Sikila gado ce ta jini. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittar, ko da su lafiyarsu ƙalau, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da cutar, a gidan mai tsoron Allah da gidan wanda ba ya sallah duk ɗaya. In ya ce da ya sani da bai yi auren ba, kada ka buɗe masa babin gwajin jini a wannan zaman, wannan darasin na masu shirin aure ne kuma yana da ranarsa. Ka tambayi sunan yarinyar, ka tambayi yadda ta kwana, ka yi mata addu'a da sunanta a gabansa. Sannan ka nemi izininsa kafin ka yi gyara a kan mumbari, domin ko ba ka ambace shi ba, waɗanda suka ga ya riƙe hannunka ran nan za su gane da wa ake.

Wallahu a'alam.