Kilishi ba ya tsallake kwastan, amma kuka tana wucewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Manchester tare da maigidana, shekara uku ke nan. Na tara fam dubu ɗaya da ɗari biyar, ina so in riƙa sa ƙanwata a Kano tana aiko mini da kilishi, yaji, wake, kuka da zoɓo ina sayar wa mutanenmu a nan. Da wanne zan fara?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin maganar kaya, ɗauko takardar zamanki ki duba. Wanda ke kan bizar karatu a Birtaniya ba a yarje masa ya yi sana'ar kansa ba, ko da sayar da yaji ne ta WhatsApp. Idan ke a ƙarƙashin bizar maigida kike, galibi akwai dama, amma ki karanta sharaɗin da idonki. Ribar kuka ba ta kai a sa zaman iyali cikin haɗari a kanta ba.

Sai ki cire abu biyu daga lissafinki. Na farko kilishi. Na san shi ne aka fi nema, shi ne kuma ya fi tsada, amma dokar ƙasar ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin Najeriya a jakar matafiyi ko a ƙunshin saƙo. Busasshe ne ko ɗanye, duk nama ne a wurinsu. Haka dambun nama da man shanu. Za a ce miki wance tana shigo da shi a naɗe cikin zannuwa. Gaskiya ne, wani lokaci yana wucewa. Ranar da bai wuce ba kuwa, za a ƙwace a ƙone, sunanki kuma ya shiga takarda. Ba a gina sana'a a kan sa'a irin wannan. Na biyu wake. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan fiya-fiyar da ake zuba masa don kashe ƙwari, Birtaniya ma ta riƙe hanin bayan ficewarta.

Abin da ya rage, kuka da kuɓewa busasshiya da zoɓo da tsamiya da kayan ƙamshi irin su kimba, masoro da citta, shi ne filinki. Amma ko a cikinsu ba duka ne ke biyan kuɗin jirgi ba, a nan kuma mutane suka fi faɗuwa.

Masu dakon jirgi ba nauyin kwali kaɗai suke dubawa ba, har da girmansa. Suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 6000 (wasu kamfanonin saƙo da 5000 suke rabawa), sai su caje ki a kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan amsar da abin da sikeli ya nuna. Ɗauki kwali mai 60 da 50 da 40. Lissafinsa kilo 20 ne. Idan ƙanwarki ta cika shi da zoɓo, wanda ba shi da nauyi sai cin wuri, wataƙila sikeli ya nuna kilo 12, amma kuɗin 20 za ki biya. Mu ƙaddara, don misali kawai, ana karɓar fam 5 a kowane kilo: fam 100 ke nan a kan kilo 12, wato kowane kilo ya ci sama da fam 8 tun kafin ki lissafa kuɗin zoɓon kansa. Gashi kuma shagunan 'yan Jamaika da na Larabawa cike suke da zoɓon da ya zo ta jirgin ruwa da arha. Yanzu cika kwalin nan da garin kuka, a ce ya yi kilo 30. Fam 150 za ki biya, amma idan kika ƙulla shi giram ɗari-ɗari, leda 300 za ki samu, dakon kowace leda rabin fam. Kuma wanda ke marmarin miyar kuka a Manchester ba shi da wurare da yawa da zai je. Saboda haka ki fara da garin da ke da nauyi, ba ya saurin lalacewa, kuma ba a samunsa a shagon kusa.

Ki ja kunnen ƙanwarki a kan shanya. Kukar da aka ƙulle da sauran danshi za ta iso a dunƙule tana warin hunhuna. Mai kyau tana zuba wara-wara, launinta kore shar. A tankaɗe sosai, don yashi ɗaya a bakin mai saye ya isa ya kore shi.

Yaji kuma sai da lura, domin akwai ƙuli-ƙuli a cikinsa. Gyaɗar da ta yi hunhuna tana ɗauke da gubar afalatoksin, ana kuma tsare kaya a kanta. Shawarata, ki sa a aiko miki da kayan ƙamshin kawai, ki sayi gyaɗa a nan ki haɗa da kanki. Dole ki rubuta a jikin leda cewa akwai gyaɗa, domin tana cikin abubuwa 14 da doka ta wajabta a bayyana, kuma akwai mutanen da ɗan kaɗan ɗinta kan kai su asibiti. Wannan hanyar ce ma za ta dawo miki da kilishin: naman halal yana nan birjik, laɓu kina da kayansa, a busar a injin busar da abinci tunda ranar Manchester ba abin dogaro ba ce.

Takardu ba su da tsauri kamar yadda ake tsoro. Ki yi rajista da ƙaramar hukumar unguwarku kwana 28 kafin ki fara sayarwa. Kyauta ne, za su iya zuwa duba kicin. Ki nemi lambar EORI, wato lambar shaidar ɗan kasuwa a wurin kwastan, don shigo da kaya, idan cinikinki ya haura fam 1,000 a shekara kuma ki sanar da hukumar haraji ta HMRC. A gida, mai aikowa a matsayin kasuwanci yana buƙatar rajistar CAC mai yi wa kamfanoni rajista da ta NEPC mai kula da fitar da kaya waje, da shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona ta NAQS, kayan da aka sarrafa kuma ta NAFDAC. Da yake ƙanwarki ba ta da waɗannan, ku bi ta hannun mai dakon da yake da su, ki ce ya nuna miki kwafi. Kwali ɗaya za ki fara da shi, kuɗinsa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jarinki. Ki kuma yanka wa ƙanwarki lada a kan kowane kwali tun yanzu, a rubuce, kada aikin zumunci ya koma gaba.

Tambaya: Ni a Birmingham nake. Ina ganin motoci da tufafin hannu da arha, ina tunanin in cika kwantena in tura Kaduna. Ya kake gani?

Malam, duka biyun ka dakata. Motocin Birtaniya sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, ba a yarda da shigo da masu sitiyarin dama ba. Juya sitiyari yana cin ribar, yana kuma karya darajar motar a idon dillali. Gwanjo kuma, duk da ka gan shi ya cika kasuwa, yana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, shi ya sa yawancinsa ta Kwatano yake lallaɓowa. Idan kana son aikawa gida, duba kayan aiki na hannu masu kyau: keken ɗinki, injin walda, na'urorin kafinta. Wutarsu da soket ɗinsu iri ɗaya ne da namu, ba sai an canja komai ba. Kada ka saya sai ka sami tela ko makanike a Kaduna da ya faɗa maka samfurin da yake so ya kuma ba da kafin alƙalami, sannan ka karɓi gurbi a kwantenar haɗaka maimakon ka ɗauki guda kai kaɗai.