Baffa, an ba ni ko ba a ba ni ba?

Baffa, barka da dare. Ga saƙonnin da aka yi tsakanin Baba Ƙarami da mutanen Tudun Wada tun ranar da aka kai gaisuwar neman aurena, har da muryar gwaggon yarinyar da Umma ta turo mini. Ni a ganina komai ya kammala, amma Umma ta ce da sauran magana. Don Allah ka duba mini, me aka tsayar, me ya rage?

Ɗana, na karanta, muryar ma na saurara har ƙarshe. Mahaifiyarka ta fi ka gaskiya, amma kada gabanka ya faɗi, ba hana ka aka yi ba.

Kafin ka duba abin da aka ce, fara duba bakin da ya faɗa. A cikin duk waɗanda suka yi magana daga gidansu, mutum ɗaya ne maganarsa ke ɗaure gidan, wato baffanta na Tudun Wada, yayan mahaifinta, tunda shi aka nuna mana a matsayin waliyyi. Mahaifinta yana nan da ransa, amma ka san a al'adarmu uba yana kawaici, ya bar wa ɗan'uwansa. To, baffan nan ya rubuta da hannunsa cewa sun karɓi naira 100,000 na gaisuwar iyaye da goro da alewa, an raba wa dangi, sun sa albarka. Wannan "an raba wa dangi" ita ce abin riƙewa. Gidan da ke da shakku a kan yaro ajiye kuɗin yake yi a ƙulle, domin idan bincike bai yi daɗi ba a mayar yadda aka kawo. Tunda goro ya shiga gidajen 'yan'uwa har Rigasa da Kawo, sun sanar wa duniya yarinya ta yi miji. An ba ka, wannan ya tabbata. Haka gwajin jini: ya ce sun ga takarda, alhamdu lillahi, bai sake tayar da zancen ba. Shi ma ka rufe babinsa.

Sadaki kuma ba a yanke ba. Da Baba Ƙarami ya tambaya, amsar da aka ba shi ita ce, "Ai ba sayar da ita za mu yi ba, abin da ya sauwaƙa, albarka muke nema." Kai ka karanta wannan ka ɗauka an bar maka ka kawo abin da ka ga dama. Mutumin kirki ba ya buɗe baki ya sa wa 'yarsa farashi a waya, shi ya sa ya faɗi haka. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, zinariya giram ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma kuɗinsa yana hawa da sauka da farashin zinariya. Ba wanda zai ce aure bai ɗauru ba idan ka kai wannan. Sai dai kowane gida yana da nasa ma'auni da ba a faɗa, kuma ma'aunin shi ne abin da aka ba yayarta da aka aurar bara. Ka sa mahaifiyarka ta ji adadin ta bakin mata, cikin hira. Idan 200,000 aka bayar, kada mu gaza haka, ko da baffan zai ce a rage. Sai an faɗi adadi a gaban shaidu, an ce lakadan ne ko ajalan, sannan za ka ce an tsayar da sadaki.

Rana ma haka. Ya ce "in Allah ya kai mu bayan Sallah sai mu zauna." Wace Sallah? Tsakanin ƙarama da babba akwai wata biyu da kwana goma. Kuma zama ya ce za a yi, bai ce ɗaurin aure ba. Saboda haka kada ka kama wurin biki, kada ka buga kati. Sa rana wakilai ke zuwa gida su yi ta, da goronsu da alewarsu, a faɗi wata da kwanan wata a shafa fatiha. Iyayen mace ke da kayan ɗaki a wuya, gado da kujeru da kayan kicin da gara, kuma sau da yawa jan ranar nan lissafin aljihu ne da ba za su faɗa maka ba. Matsa musu a wannan gaɓar rashin ta ido ne.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Maganar karatunta ta fito sau biyu, daga baki biyu, kuma ba wanda ya tambaye su. Baffanta ya sa ta a ƙarshen saƙo, bayan gaisuwa, kamar abin da ya tuna: "Yarinyar dai tana makaranta, a taya ta da addu'a." Bayan kwana kaɗan gwaggonta ta ce wa mahaifiyarka, "Hajiya, ana ta cewa Mararrabar Jos da nisa, ni dai na ce ai mota na zuwa ko'ina." Ka ji "ana cewa" ba a faɗi mai cewar ba? Uwar yarinya ce. Ita ba za ta yi magana a kan auren 'yarta ba saboda kunya, sai ta aiko ta bakin gwaggo, gwaggo kuma ta nuna kamar tana bayanku domin kada zancen ya zama faɗa. Haɗa biyun ka ji abin da suke nufi: yarinya tana da sauran shekara ɗaya a Jami'ar Jihar Kaduna, gidan da ka kama yana bayan gari, suna tsoron a yi aure karatu ya tsaya. Ga wata alama: har yau matan gidansu ba su ce za su zo ganin ɗaki su auna labule ba. Da sun gamsu da gidan, da tuni sun nemi makulli.

Baba Ƙarami kuwa da aka yi masa wannan maganar sai ya amsa da "Allah ya ba da sa'a." Ya yi ladabi, amma bai amsa abin da aka tambaya ba, kuma a wurinsu shirunmu yana iya zama alamar ba mu yarda ta ci gaba ba. Ina jin wannan ne ya sa ranar ta ƙi fitowa, fiye da kayan ɗakin ma.

Batun lefe ba na damuwa da shi. "A dai fitar da mu kunya" da gwaggon ta ce magana ce ta mata, su za su daidaita yawan akwatuna da turamen atamfa a tsakaninsu. Kai naka ba da kuɗi, kada ka sa baki.

Abin da za a yi shi ne, kada ka rubuta wa kowa komai, kada kuma ka sa yarinyar ta je ta tambayi iyayenta, za ka jefa ta tsaka mai wuya. Ka fara gaya mini gaskiyar zuciyarka: ka yarda ta ƙarasa karatun? Wa zai biya kuɗin makaranta, kai ko mahaifinta? Za ka iya kuɗin motarta kullum daga Mararraba, ko za ka nemi ɗaki biyu a Unguwar Dosa ko Badarawa na shekara ɗaya? Kada ka ce eh don a ba ka mata, domin duk abin da ka faɗa ni zan maimaita shi a gaban dattawa, kuma da shi za a kama ni gobe. Idan na ji amsarka, ni da Baba Ƙarami za mu je Tudun Wada ranar Asabar bayan la'asar, mu fara kawo zancen karatun da kanmu kafin su tambaya, sannan mu roƙi a ba mu rana. Ka kira ni gobe bayan isha'i, kuma ka gaishe da mahaifiyarka.