Muryar Anti Hadiza a guruf ɗin matan gida

"Anti, malamin su Sadiya ya ce ba ta kwafar aikin allo, kullum littafi manne a fuskarta. Kakarta kuma ta ce a daina sa mata gishiri. Gilashi zai gyara mata?"

To, salamu alaikum. Maman Sadiya, ki bar kakar nan tukuna, zan dawo kanta. Yarinyar nan zabiya ce, ba ƙiwa take yi ba, ba ta hango allon ne. Mu zabiya haka aka haife mu, can cikin idon inda gani yake kaifi bai gama ginuwa ba. Gilashi yana taimakawa, ki kai ta asibitin ido na ECWA a Kano su auna ta, amma kar ki sa rai zai mayar da ita kamar sauran yara. Ba zai yi ba.

Ki je da ƙafarki wajen malamin, kar ki aika. A sa ta bencin gaba, a tsakiya... a'a, ba dole tsakiya ba, ita za ta nuna inda ta fi gani, dai kar hasken taga ya riƙa dukan fuskarta. In ta so ta tashi ta matsa jikin allo, a ƙyale ta. Ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa da baki. Allon in ya koɗe a goge shi da gawayi ya yi baƙi. Ki saya mata baƙin biro, fensir ba ya fita. Manna littafin kuwa ba ya ɓata ido, haka karkata kai da take yi, tana neman inda rawar idon ke lafawa ne. Ni malaminmu na aji uku kullum sai ya kama kaina ya miƙar, wai raini ne. Raini! Har kamun kunne ya sa ni a tsakiyar fili da azahar, wuyana ya saluɓe. Allah dai Ya jiƙansa.

Gishirin nan kuma, ki gaya wa Inna cikin ladabi: tabon nan da ke fitowa a fatar zabiya ba gishiri ba ne, rana ce ke kawo shi. Ni ma an ci da ni miyar lami shekara da shekaru, tabo bai fasa fitowa ba. Daga goma na safe zuwa la'asar a rage mata aike da talla. Hijabi mai kauri, dogon hannu, malafa a sama. Man rana ki duba an rubuta SPF 50, a shafa kafin fita, a sake bayan awa biyu da kuma bayan alwala, don ruwa na wanke shi. Basilin ba ya tare rana.

In kika ga gyambo a leɓe ko kunne ya haura sati uku bai warke ba, ko yana ɓawo yana jini, kar a tsaya shafe-shafe, asibitin Malam Aminu Kano kai tsaye, sankarar fata haka take farawa. Ki fara da malamin, ranar Litinin.