PSA ɗina ya kai 6.8: daji ne ke hana ni fitsari?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 67. Kusan shekara biyu ke nan fitsari yake wahalar da ni: sai na yi ta jira kafin ya fito, ba shi da ƙarfi, kuma cikin dare ina tashi sau huɗu. Makon jiya ya haɗa da zafi, na je aka yi mini gwajin PSA ya nuna 6.8, hoto kuma ya ce girman furostet ɗina mililita 80 ne. Wanda ya ba ni takardar ya ce duk abin da ya wuce 4 daji ne. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wanda ya faɗa maka haka bai faɗi daidai ba. PSA ba gwajin daji ba ne kai tsaye, kuma a cikin bayaninka akwai abubuwa biyu da kowannensu zai iya ɗaga shi ba tare da daji ba.

Furostet wata tsoka ce da maza kaɗai suke da ita. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun fitsari kamar zobe a yatsa. A jikin saurayi ba ta fi ƙaramin goro ba, mililita 20 zuwa 25. Da shekaru suka ja sai ta fara girma, har ta kai kusan rabin maza masu shekara 60 suna da wannan girman. Ɓangaren da yake girma shi ne na ciki, wanda yake manne da bututun, shi ya sa yake shaƙe hanya. Mafitsara sai ta riƙa yunƙuri don ta tura fitsari ta ƙuntatacciyar ƙofa, ga shi ba ta juye duka ba, nan da nan ta sake cika. Daga nan jira da rashin ƙarfi da tashin dare suke zuwa. Shi kuwa daji ya fi farawa daga gefen waje, nesa da bututun, don haka a farkonsa yawanci ba ya taɓa fitsari ko kaɗan. Wannan girman ba daji ba ne, ba ya rikiɗewa ya zama daji, sai dai mutum ɗaya yana iya haɗa su biyun, shi ya sa ba za mu jefar da takardarka ba.

PSA wani sinadari ne da furostet take yi don tsinka maniyyi, ɗan kaɗan daga ciki yana zubowa cikin jini. Lafiyayyar tsoka ma tana yin sa. In ta girma, ya ƙaru. In ta kamu da ƙwayar cuta, ko fitsari ya toshe, ko an sa robar fitsari, yana iya tashi sosai. Ko saduwa da iyali kwana ɗaya ko biyu kafin gwaji tana ɗan ɗaga shi. A cikin mazan da nasu yake tsakanin 4 da 10, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ake samu da daji idan aka ɗebi tsokar aka duba. Sauran ukun ba su da shi. Ta ɗaya gefen kuma, a wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2004, an sami daji a kusan kashi 15 cikin ɗari na mazan da nasu bai wuce 4 ba. Ka ga lambar 4 ba katanga ba ce da lafiya ke bayanta, cuta ke gabanta.

Mu dawo kan takardarka. Muna raba PSA da girman furostet don mu ga ko girman ya isa ya bayyana lambar. Naka 6.8 ne, a raba shi da 80, ya ba da 0.085. Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne 0.15 zuwa sama. Da a ce furostet ɗinka mililita 30 ce, wannan 6.8 ɗin zai ba da kusan 0.23, da kuwa maganata ta sha bamban. Sannan an ɗebi jininka a makon da fitsari yake maka zafi, lokacin da bai kamata a ɗeba ba. Abin yana damuna ƙwarai yadda ake miƙa wa dattawa irin wannan takarda ba tare da an tambaye su ko suna da zafin fitsari ba, su koma gida suna rubuta wasiyya.

Ga abin da nake so ka yi. A gwada fitsarinka, in akwai ƙwayar cuta a yi maganinta, sannan a jira mako 6 a maimaita PSA, ka kuma ƙaurace wa iyali kwana biyu kafin ranar. Ka yarda likita ya duba furostet ɗin da yatsa ta dubura. Na san da nauyi, amma bai kai minti ɗaya ba, kuma yatsa yana jin abin da jini ba ya nunawa: girman tsufa sumul yake da ɗan taushi, daji kuwa yakan zo da tauri ko ƙulli. A duba sukari, don ciwon sukari ma yana tayar da mutum cikin dare, a duba ƙoda, a kuma auna fitsarin da ya rage a mafitsara bayan ka gama. In lambar ta sauka kuma yatsa bai ji komai ba, sai a riƙa bibiya. In ta tsaya ko ta hau, ko an ji tauri, ko mahaifinka ko ɗan'uwanka ya taɓa yin dajin furostet, to sai likitan mafitsara ya gan ka, a yi hoton MRI in da hali, a yanke shawarar ɗibar tsoka. Ɗibar tsokar ce kaɗai take tabbatar da daji. Mu baƙaƙen fata ya fi kama mu, don haka kada ka tsallake maimaita gwajin.

Shi kuma fitsarin yana da magani. Tamsulosin yana sassauta tsokar da ta shaƙe bututun, ana jin sauƙi cikin 'yan kwanaki, amma yana iya sa jiri in ka miƙe da sauri, sai ka kula wajen tashi sallar asuba. Ga furostet mai girma irin taka akan haɗa da finasterayid, wanda yake rage girman a hankali, sai an yi wata 6 ake ganin amfaninsa. Ka riƙe wannan da kyau: finasterayid yana rage PSA da kusan rabi. Wanda ya daɗe yana shan sa, in takarda ta nuna 3, a ɗauka 6 ne. Kullum ka faɗa wa mai duba sakamakon cewa kana sha.

Ka rage ruwa, shayi da goro daga magariba, ka sha ruwanka sosai da rana. In ka gama fitsari ka ɗan dakata ka sake gwadawa. In ɗigo yana ɓata maka tsarki, ka sa yatsu a bayan maraina ka matso gaba a hankali kafin ka wanke. Ka kuma guji magungunan mura na kemis, wasunsu suna iya toshe fitsari gaba ɗaya a dare ɗaya.

Kada ka jira mako 6 ɗin idan fitsari ya ƙi fita ga mara ta kumbura, ko ka ga jini, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko ka fara jiƙa shimfiɗa cikin barci, ko ciwon baya da na ƙashi mai naci tare da rama. Kowanne daga cikinsu ya zo, a ranar za ka tafi asibiti.