Wasa ya maƙale a buɗewa, PS4 na cewa bayanai sun lalace: me za a goge, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da PS4, wuta ta ɗauke ana cikin sabunta wani wasa nawa. Tun daga ranar, in na buɗe shi sai ya tsaya a hoton farko, can sai ya fito da saƙon "The data is corrupted". Sauran wasannin suna tashi lafiya. Wani ya ce in yi Rebuild Database, wani ya ce in goge komai in sake. Ina tsoron rasa inda na kai a wasan. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka goge komai tukuna. Tunda sauran wasannin suna tashi, manhajar na'urar kanta lafiya take, kuma mafi yawan irin wannan matsala tana warwarewa ba tare da an taɓa ajiyarka ba.

Abubuwa uku ne a faifan ajiyar da ke cikin na'urar waɗanda wannan saƙo zai iya nufi. Akwai fayilolin wasan kansa, masu girma, wani lokaci gigabait 50 ko fiye. Akwai ajiyar ci gabanka, wato inda ka tsaya, wadda yawanci ƙarama ce kuma a wani wuri daban take. Sannan akwai kundin da na'urar ke rubuta inda kowane abu yake, kamar rajistar mai kula da sito. Fayilolin wasa ana sake sauke su, kundin ana sake rubuta shi, amma ajiyar ci gaba in ta tafi ba inda za a samo ta. Don haka da ita za mu fara.

Samu filash da aka yi wa fomat a FAT32 ko exFAT, ka saka a na'urar, ka bi wannan hanya:

```
Settings > Application Saved Data Management >
Saved Data in System Storage > Copy to USB Storage Device
```

Kwafi ajiyar duk wasanninka, ba na wanda ya lalace kaɗai ba, domin ba mu san inda gyaran zai kai mu ba. In kana biyan PlayStation Plus, a wurin nan akwai Upload to Online Storage, sai dai ka yi hattara: duba kwanan watan ajiyar da ke intanet kafin ka ɗora sabuwa a kanta. In ta cikin na'urar ce ta lalace, kana ɗorawa ka danne mai kyau da marar kyau. Ga mai PS5 kuwa, ajiyar wasannin PS5 ba ta kwafuwa ɗaya-ɗaya zuwa filash, sai ta PlayStation Plus, na wasannin PS4 ne kawai ke kwafuwa.

Bayan wannan sai Rebuild Database. Kashe na'urar gaba ɗaya ta Turn Off PS4. In fitilarta tana nuna ruwan lemo, barci take yi, ba ta mutu ba, kuma daga nan ba za ta shiga Safe Mode ba, wato allon gyara inda Rebuild Database yake. Idan fitilar ta mutu sarai, danna maɓallin kunnawa na jikin na'urar ka riƙe. Za ka ji ƙara ta farko da zarar ka danna, ta biyu bayan kamar daƙiƙa 7. Sai ka saki. Haɗa hannun wasa da wayar USB ka danna maɓallin PS. Nan mutane da yawa ke tsayawa, su danna su danna ba abin da ya motsa, su ɗauka na'urar ta mutu. Wayar ce. Wasu wayoyin caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai, kuma a Safe Mode hannun ba ya aiki sai ta waya. Canza wata ka gwada.

A jerin da zai fito, zaɓi lamba 5, Rebuild Database. A PS5 sunan Clear Cache and Rebuild Database, sai ka shiga ka zaɓi Rebuild Database. Karanta sunan da idonka kafin ka danna, domin lamba 6 da ke ƙarƙashinsa a PS4, wato Initialize PS4, ita ce mai share komai.

Abin da wannan aiki yake yi shi ne, na'urar tana bin faifan ajiyarta tana duba abin da ke ciki, ta rubuta sabon kundi. Ba ya goge wasanni ko ajiya masu lafiya. Bayan ya gama za ka iya ganin tsarin wasanninka a allon farko ya canza, wannan ba komai ba ne. Yakan ɗauki 'yan mintoci, yakan kuma ɗauki awoyi in faifan ya cika ko ya tsufa, kuma allon na iya yin baƙi na ɗan lokaci. Kada ka zare wuta, kada ka danna maɓalli, kuma kada ka fara sai a lokacin da kake da tabbacin wutar za ta zauna. Yankewa a tsakiyar wannan aiki ta fi matsalar farko muni.

Amma a lamarinka ba na sa ran Rebuild Database shi kaɗai zai wadatar, kuma ga dalili. Lokacin da ake sabunta wasa, na'urar tana rubuta sababbin fayiloli tana haɗa su da tsofaffi. Da wuta ta ɗauke, wani fayil ya tsaya rabi. Sabon kundi zai nuna daidai inda fayil ɗin yake, amma ba zai cike rabin da ba a rubuta ba. Duk da haka ana farawa da shi saboda ba ya cin komai, kuma in kundin ne ya rikice, an gama ke nan.

In wasan ya sake maƙalewa, goge shi. Tsaya a kan hotonsa a allon farko, danna OPTIONS, zaɓi Delete. Wannan yana cire wasan da sabuntawarsa, ba ya taɓa ajiyar ci gaba. Kashe na'urar ka kunna, sannan ka sake ɗora shi daga faifansa, ko daga Library in na saukewa ne. Bari sabuntawar ta sauka ta gama ɗorawa kafin ka buɗe. Idan na faifai ne, duba bayansa a haske, ka goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Faifai mai karce yana iya ɗorawa har ƙarshe amma ya bar fayil marar kyau, kuma yakan zo da lambar CE-30005-8, wadda ke nufin na'urar ta kasa karanta faifan wasa ko faifan ajiyarta. Idan kuma bayan saukewa ka ga alamar kwaɗo a kan wasan, ba lalacewa ba ce, lasisi ne: shiga Settings, Account Management, Restore Licenses.

To idan an sake ɗora wasan sabo fil, kuma har yanzu yana tsayawa a wuri ɗaya fa? Yanzu zargi ya koma kan ajiyar, domin wasanni da dama suna karanta ta tun a hoton farko. Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba gardama. Ƙirƙiri sabon mai amfani a na'urar, wanda ba shi da ajiya ko ɗaya, ka buɗe wasan da shi. In na saukewa ne, sai na'urar ta kasance ita ce aka yi wa Activate as Your Primary PS4 a asusunka kafin sabon ya iya buɗewa. Idan wasan ya tashi a can ya ƙi tashi a naka, ajiyarka ce ta samu matsala. Koma naka, shiga Saved Data in System Storage, Delete, ka zaɓi wasan a jerin ka duba fayilolinsa. Sau da yawa ba ɗaya ba ne: akwai na saituna, akwai na ci gaba, akwai na ajiyar kai tsaye. Goge na saituna ko na ƙarshe da aka rubuta a ranar da wuta ta ɗauke, ka gwada, maimakon ka share duka. Tunda ka kwafa a filash, in ka goge wanda bai kamata ba sai ka dawo da shi. Mai tsohuwar ajiya a intanet ya sauko da ita, gara a rasa wasan kwana biyu da a rasa na wata shida.

Sai batun goge komai da aka ba ka shawara. Wurinsa daban ne: lokacin da na'urar kanta ta ƙi tashi, tana komawa Safe Mode da kanta, ko wasanni da yawa suna lalacewa ɗaya bayan ɗaya. A nan ake amfani da lamba 7, Initialize PS4 (Reinstall System Software), wadda ke share faifan kakaf ta ɗora sabuwar manhaja daga filash. Ana sauke fayil ɗin a kwamfuta daga shafin PlayStation, a jera shi haka da manyan baƙaƙe:

```
PS4/UPDATE/PS4UPDATE.PUP
```

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne, fayil biyu ne a shafin masu suna iri ɗaya. Na sabuntawa ƙarami ne, na sake ɗorawa ya kai kimanin gigabait 1, kuma shi ake so. In aka saka ƙaramin, na'urar za ta ƙi shi da lambar CE-34788-0. In kuma ta ce SU-41350-3, ba ta gane fayil ɗin ba: duba sunan foldojin, duba ko kwamfuta ta ƙara lamba a ƙarshen sunan saboda an sauke sau biyu, duba fomat ɗin filash. Bayan an gama, shiga da asusun da ka yi ajiyar da shi, domin ajiyar ba ta buɗuwa a wani asusu.

Abu ɗaya nake so ka sa wa ido ko da wasan ya gyaru. Idan saƙon ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu ba tare da wuta ta ɗauke ba, ko Rebuild Database yana tsayawa a wuri ɗaya kullum, ko kana jin ƙas-ƙas daga cikin na'urar, ko ka ga CE-34335-8, faifan ajiyar ne ke mutuwa, kuma maimaita gyaran manhaja wahalar da shi kawai yake yi. Kwashe ajiyarka tun na'urar tana tashi, domin bayanan da ke faifan PS4 a kulle suke da na'urar, saka shi a kwamfuta ba zai ba ka su ba. Canza shi ba wuya: faifan SATA mai inci 2.5 irin na laftof, kaurinsa kada ya wuce milimita 9.5, sannan a ɗora manhaja ta lamba 7 kamar yadda na bayyana. Idan kuwa wasan a faifan waje kake ajiye shi, fara mayar da shi cikin na'urar ka gwada kafin ka zargi na ciki, kuma duk lokacin da za ka zare na wajen ka fara danna Stop Using Extended Storage.