Dalibi ya turo makala ya ce "a duba" kawai

"Wani dalibina ya turo mini makala, bai rubuta komai ba sai 'a duba'. Shin nahawu zan gyara, ko karfin hujja zan auna, ko in binciki ko aikin nasa ne?"

Malam, a ganina hujja ce farkon abin dubawa, sai fa idan lokacin mika aikin ya kure. Dalili kuwa shi ne, gyaran nahawu a sakin layin da za a goge daga baya aikin banza ne. Ka karanta gabatarwa, sannan jimlar farko ta kowane sakin layi, ka tambayi kanka ko za ka iya fadin matsayar dalibin a jimla daya. Misali, idan ya ce wayar hannu tana rage kwazon dalibai, amma sakin layi uku cikin biyar suna ba da tarihin wayar ne, matsalarsa tana cikin tsarin hujja, ko da rubutun ba shi da kuskure ko daya. A nan sai ka nuna masa wuraren da ya kauce, ka bar masa gyaran.

Idan gobe zai mika, ka takaita ga kurakuran nahawu biyu ko uku da suke maimaituwa, ka gyara misali daya na kowanne, shi ya nemo sauran.

Batun asalin aiki kuwa, ba na tayar da shi sai na ga alama, kamar salon da ya canza kwatsam a tsakiyar makala, ko bayani mai nauyi da ba a ambaci madogararsa ba. Ko a nan ma, tambayarsa nake yi inda ya samo, domin sau da yawa rashin sanin ka'idar ambato ne.