Bangon da ake fara ginawa daga tsakiyar ɗaki

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe, Terminal D, nan Damagaram. A jarrabawar gwaji an ce mu zana yadda selil ɗin dabba da na tsiro ke rabuwa biyu a ƙarshen mitoz. Na dabba na zana matsewa a tsakiya, aka ba ni makina. Na tsiro na zana sabon bango yana fitowa daga gefe biyu zai haɗe a tsakiya, kamar yadda yake cikin fasikil ɗin da na saya, sai aka ja mini jan biro aka ba ni sifili. Saura wata biyu a yi bak. Wa ke da gaskiya, mai gyara ko takardar? Hankalina ya tashi, kada a je duk abin da na haddace haka yake.

Amsa: Ɗiyata, mai gyara bai zalunce ki ba. Takardar ce ta yi miki ƙarya, kuma na san irinta, don kusan kowace shekara sai na tsince ta cikin jakar ɗalibaina: kwafi ne na kwafin kwafi, zanen ya dushe har ba a gane baƙi da fari, wani ya ɗauki biro ya cike inda ya ga dama. Kwantar da hankalinki, gyaran ba shi da tsawo. Amma ina so ki san dalilin, don wanda ya haddace kibiya kawai, ranar bak sai ya juya ta.

Na dabba kin riga kin same shi, ba zan daɗe a kansa ba. Tun ƙarshen anafaz wani zobe ke haɗuwa a ƙarƙashin fatar selil, daidai inda kuromozom suka jeru a metafaz. Zaren aktin ne da miyozin, dangin waɗanda ke cikin tsokar hannunki. Miyozin na jan aktin, zoben na tsukewa, fatar na bin sa ciki, sai kwarin nan da kika zana ya bayyana, yana zurfafa daga waje zuwa ciki kamar an ja zariyar wando. Inda misalin zariya ya gaza shi ne, zoben ba ya ƙara kauri yayin da yake tsukewa, warware shi ake yi kaɗan-kaɗan har ya ƙare. A ƙarshe wata siririyar gada ke rage tsakanin ƴaƴan biyu, ita ma a tsinke ta.

Selil ɗin tsiro ba zai iya wannan ba. Yana zaune cikin bango mai tauri na seliloz, ruwan cikinsa kuma na tura fatar tana manne da bangon, da ƙarfin da sau da yawa ya fi iskar tayar babur ɗin kabu-kabu. Ledar ruwa kina iya ɗaure ta a tsakiya da zare. Saka ledar cikin gwangwani ki cika ta tam, ki gaya mini ta ina za ki ja zaren. Dole ta sa tsiro ya yi gini daga ciki.

To nan ne mutane ke faɗawa rami, kuma ban ga laifin ƙwaƙwalwarsu ba sosai. Duk wanda ya taɓa ganin an raba ɗaki biyu a Birni ko Zango ya san magini daga jikin tsohon bango yake soma jera tubali, don sabon ya samu abin kamawa. Ɗalibi na jin an ce sabon bango, sai wannan hoton ya zo masa. Selil ɗin tsiro kuwa akasin magini yake yi: a tsakiyar ɗaki yake somawa, inda babu abin jingina ko kaɗan, ya yi ta faɗaɗa har ya taɓo tsohon bango.

Ga yadda abin ke tafiya. Bayan kuromozom sun rabu sun nufi kusurwa biyu, igiyoyin mazarin da ya ja su, waɗanda suka rage a tsakiya, wato mikrotibil, ba sa watsewa. Suna sake jeruwa gida biyu, kawunansu na fuskantar juna, su yi siffar ɗan ganga tsakanin sabbin nuwayo biyu, wato ma'ajin kuromozom na ƴaƴan biyu. Wannan gangar ita ce faragmoplas. A kan igiyoyinta ƴan jakunkuna ke gangarowa daga Golgi, daga wannan ɓangare da wancan, ɗauke da kayan gini, galibi pektin da ƴan uwansa. Suna isowa tsakiya sai su haɗe da juna. Da farko kamar raga abin yake, bututu-bututu, sannan ramukan su cike ya zama faifai. Wannan faifan shi ne farantin selil.

Lura da abin da ya biyo baya, don shi ne amsar tambayarki. Da tsakiyar faifan ta kammala, igiyoyin wurin sai su warware, sabbi su tsiro a bakin faifan. Gangar ta koma zobe ke nan, zoben kuma yana ƙara faɗi, jakunkunan na sauka a baki kawai. Kamar mai saƙar faifai ce: daga cibiya take somawa tana zagayawa, kullum a baki take ƙara kaba. Saboda haka idan aka ɗauki hoton selil ɗin tsiro aikin bai ƙare ba, giɓin yana gefe, tsakanin bakin farantin da tsohon bango. Ke kuwa a tsakiya kika bar giɓin. Abin da jan biron ya gani ke nan.

Wani abu da fasikil ɗin nan ba sa faɗa: faranti bai zama bango ba tukuna. Kowace ƴar jaka tana da fata tana da abin ciki. Fatun, da suka haɗe, su ne ke zama sabuwar fatar ƴaƴan biyu, ɗaya ta wannan fuska ɗaya ta waccan. Abin cikin kuma shi ke kwanciya tsakaninsu. Da farko faifan laushi gare shi, wani sinadari mai suna kalos ke riƙe shi na ɗan lokaci, daga baya a kwashe shi. Seliloz ba a cikin jaka yake zuwa ba, a jikin sabuwar fatar ake saƙa shi, kowane ɗa yana gina nasa bangon ta ɓangarensa. Pektin ɗin da ya rage a tsakiya shi ne yumɓun da ke manne maƙwabta biyu. Shi ne kuma ke narkewa idan tumatir ya nuna ya yi luɓus. Sannan ba a rufe farantin ruf: ana barin ƴan kafofi inda zaren retikilum ya ratsa, su ne plasmodesm, ta nan ƴaƴan ke ci gaba da miƙa wa juna kaya. Selil ɗin dabba yakan tsinke gadarsa, na tsiro ya bar ƙofar maƙwabtaka.

Za ki ce, faifan da ya taso daga tsakiya, yaya ya san inda zai je ya kama? An sa masa alama tun kafin mitoz ta fara. Wata ɗamarar mikrotibil ke zagaye selil ɗin ta ƙarƙashin fata, ta ɓace kafin metafaz, amma ta bar shaida a wurin, kuma daidai nan farantin ke zuwa ya manne. Pickett-Heaps da Northcote ne suka bayyana ta a 1966, a jikin alkama. A dabba kuwa mazarin ne ke nuna wa zobe wurinsa a anafaz.

Kada ki yarda don na faɗa. Albasa ɗaya ta Kasuwar Dole ta ishe ki shaida. Ɗora ta a bakin kofi, gindinta na taɓa ruwa, kwana 3 ko 4 saiwoyi za su fito. A yanke milimita 2 zuwa 3 na ƙarshen saiwa, nan ne kawai ake rabuwa, abin da ke sama da haka tsawo yake yi. A ɗakin gwaji, gaban malaminku, a jiƙa shi kamar minti 5 cikin asid kloridrik mai rauni da aka ɗan ɗumama, don ya narkar da pektin ɗin nan selil su saki juna. A wanke, a sa launin karmin ko orseyin, a rufe da ɗan gilashi a danna da babban yatsa tsaye, ban da murzawa. A madubin ƙara girma, a ninki 400, ki nemi selil mai tarin kuromozom biyu, ɗaya nan ɗaya can. Albasa 16 gare ta, amma a telofaz sun cure, ba za su ƙirgu ba. Launin kuromozom yake kamawa, ba faranti ba, don haka kada ki jira jan layi. Rage hasken madubin, za ki ga wani siririn layi fari-fari tsakanin tarin biyu, a wasu selil ɗin bai kai gefe ba. Kusurwoyin selil ɗin kuma na nan yadda suke, babu ƙugu ko kaɗan.

Akwai gwajin da na fi so, don yana raba mitoz da sitodiyerez, wato rabuwar jikin selil biyu, a idon ɗalibi. A tsoma saiwoyin awa ɗaya cikin ruwa mai kafeyin giram 1 a lita, a mai da su ruwa zalla, a duba daga baya. Selil ɗin da ke telofaz a wannan awar sun raba kuromozom lafiya lau, amma farantin ya kasa ƙulluwa ya wargaje, sai ki ga ɗaki ɗaya da nuwayo biyu. A dabba sitokalazin ke ba da irin wannan sakamako, shi kuwa zaren aktin yake hanawa, zobe ya kasa tsukewa. Ina roƙonki kada wannan magana ta fita daga aji ta koma fada ana cewa malamin kimiyya ya ce shayi na hana jiki rabuwa. Saiwa aka tsoma tsundum cikin sinadari, kuma abin da ya lalace faranti ne, wanda jikinki ba ya yi. Na taɓa faɗar rabin wannan a aji, kafin sati ya zagayo wani dattijo ya tare ni bakin masallaci yana tambaya ko ya bar shan na safe.

Gaskiya ɗaya zan ba mai fasikil ɗin, ko da yake ba na jin ya san da ita. Cikin gansakukar da ke kwanciya kore shar a tabkunanmu bayan damina akwai wata mai suna spirojir, wadda bangonta ke shigowa daga gefe. Alg ce. Ba ita ake nufi ba idan an ce tsiro a takardar bak, kuma gero, dawa, albasa da kuka duk daga tsakiya suke ginawa. Wani lokaci, a manyan selil masu babbar jakar ruwa, nuwayon na gefe guda, sai farantin ya riga taɓa bango ɗaya kafin ɗayan. Ko a nan daga faragmoplas ya taso.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu harhaɗa takardun nan ba sa rubuta sunansu, ba wanda ke duba su, kuma iyaye na cire kuɗin cefane su saya. Wanda bai taɓa leƙa madubi ya ga saiwar albasa ba, ya ji tsoron Allah ya bar zana wa ƴaƴan mutane kibiya. Ke dai ɗauko takardar taki yau, ki soke zanen, ki sake shi a gefe: nuwayo biyu, ɗan layi a tsakiya bai taɓa bango ba, ƴan ɗigo a bakinsa biyu, kibiyoyi suna kallon waje. Sauran shafukan kuma ki kai wa malaminku na kimiyyar halittu ya bi su da jan biro kafin ki ƙara haddace ko layi ɗaya.